Hira ta cika shafi 19, shugaba yana son minit: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sabon sakataren ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu a Gwammaja. Mu uku muka zauna da ɗan kwangilar da zai gyara mana rufin ajujuwa, muna tambaya yana ba da amsa, na ɗauka a waya na zo na rubuta komai kalma da kalma har shafi 19. Yanzu shugaba ya ce in mai da shi minit mai ajanda da matsaya da jerin ayyuka kafin zaman Asabar. Don Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Rubuta magana daga waya kalma da kalma ba ƙaramin aiki ba ne, ni dai awa ɗaya ta magana takan cinye min awa huɗu ko biyar a zaune, musamman in akwai ƙarar janareta ko mutum biyu suna magana lokaci ɗaya. To amma kar ka yi tunanin aikin da ya rage shi ne rage tsawo. Nan ne mafi yawan sababbin sakatarori suke zamewa, sai su ɗauki shafi 19 su dinga goge layi har ya koma shafi 6, su ce ga minit. Abin da ya fito hira ce dai da aka yi wa aski. Rubutacciyar hira tana bin lokaci ne, wane ya ce, sai wane ya amsa, sai aka koma baya. Minit kuwa batu yake bi, duk abin da aka faɗa a kan kuɗi ya taru wuri ɗaya ko da an faɗi rabinsa a minti na biyar rabi a minti na hamsin. Don haka aikinka warware kayan ne gaba ɗaya ka sake ɗaure su.

Kafin ka taɓa komai, ka tambayi kanka wa ke da ikon yanke hukunci a zaman nan

Wannan tambayar ita ce ta bambanta hira da mitin na gaske, kuma ita ce zan fi daɗewa a kanta. A mitin ɗin ƙungiya akwai ajanda tun kafin a zauna, akwai adadin mutanen da tsarin mulkin ƙungiya ya ce in ba su cika ba zama bai yiwu ba, akwai mai kawo shawara da mai goyon baya, sannan shugaba ya ce an amince. A hira babu ko ɗaya. Ku uku ne da baƙo, shi baƙon ma ba ɗan ƙungiya ba ne, kuma yana da abin da yake so a zaman, wato ya samu aiki. Duk abin da ya fito daga bakinsa bayani ne ko tayi, ba zai taɓa zama matsayar ƙungiyarku ba, komai ƙarfin muryar da ya faɗe shi da ita.

Ku ukun ma sai ka duba me aka aike ku yi. In babban zama ya ce ku je ku ji ku dawo da rahoto, to babu abin da za ka rubuta a ƙarƙashin "Matsaya" sai ƙananan abubuwan da suke hannunku, kamar cewa za ku koma ku duba rufin tare. Sauran duk sunansu "Shawarwarin da za a gabatar wa babban zama". In kuwa an ba ku wuƙa da nama, an ce ku yi ciniki ku gama, to ka rubuta hakan a saman takardar, cewa zaman ranar kaza ne ya ba kwamitin wannan ikon. Ka kira shugaba yau ka tambaye shi, minti biyu ne, amma shi zai gaya maka sunan da za ka ba rabin abin da ke cikin takardar.

Na taɓa ƙonewa a nan shi ya sa nake nanatawa. Shekarun baya ina sakataren wata ƙungiyar unguwa, na ji shugaba ya ce wa wani mai aiki "to shi ke nan, babu damuwa", na rubuta an amince da farashinsa. Ma'aji ya karanta minit ya ba da kafin alƙalami. Da aka zo babban zama shugaba ya ce shi rufe maganar ya yi don magariba ta kawo jiki, bai amince da komai ba. Gaskiya ya faɗa, kuma kuɗi sun riga sun fita, aka yi wata biyu ana jan magana, mutanen da suke gaisawa kullum a masallaci suka koma kallon juna sama-sama. Kalma biyu ce ta jawo, "an amince".

Yadda nake bi da takardar

Da farko ka ajiye asalin rubutun da muryar da ka ɗauka, kar ka yi gyara a kansu, ka yi kwafi ka yi aiki a kan kwafin. In ba ka sa lokaci a rubutun ba, ka koma ka sa ko da bayan kowane minti biyar ne, domin ranar da wani zai ce ban faɗi haka ba, kana so ka iya zuwa minti na 34 kai tsaye, ba ka zauna sauraron awa guda a gaban mutane ba.

Karatun farko ka yi shi ba biro a hannu, daga farko har ƙarshe, don kawai ka ji inda maganar ta dosa da inda ta ƙare. Dalili shi ne mutane suna canza magana. Farashin da aka faɗa a shafi na 4 sau da yawa ba shi ne na shafi na 16 ba, in ka fara rubutu tun karatun farko za ka ɗauki na farkon ka gina komai a kansa.

A karatu na biyu nake ɗaukar biro, ni na fi son in buga takardar in riƙe a hannu, amma in a Word kake aiki launuka ma sun isa. A gefen hagu ina rubuta batun da ake kai da kalma ɗaya, misali kuɗi, kaya, lokaci, garanti. A gefen dama ina sa harafi ɗaya: B in bayani ne, M in matsaya ce, A in aiki ne da wani ya ɗauka, T in tambaya ce da aka bari a buɗe ba a amsa ba. Duk layin da bai samu harafi ba, gaisuwa ne ko raha ko labarin tsadar siminti da aka shiga aka fita, ba zai shiga minit ba. Za ka yi mamakin yadda fiye da rabin shafukan za su tafi a haka.

Ajandar kuma daga kalmomin gefen hagun nan take fitowa. Ka jera su, ka haɗe masu kama da juna, har su koma kai huɗu zuwa shida. Kar ka mai da tambayoyinku su zama ajanda, don in kun yi tambaya 23 ba ana nufin batu 23 aka tattauna ba. A irin zamanku ina hasashen za ka samu yanayin rufin yanzu, kayan da za a yi amfani da su, farashi da tsarin biya, tsawon lokacin aiki, sai garanti. Ka jera su yadda mai karatu zai fi ganewa ko da ba haka aka bi su a baki ba, ka sa musu lamba. Tun da ba a raba ajanda kafin zaman ba, ni nakan rubuta "Batutuwan da aka tattauna" a sama, don kar takarda ta nuna abin da bai faru ba. Bayan shekara ba wanda zai tuna, takardar ce kawai za ta yi magana.

Ga misali daga wani zama da na rubuta

Kwamitin ruwa ne na wata unguwa a wajen Dorayi, mutum uku, suka zauna da injiniyan sola ranar Asabar 10 ga Fabrairu 2024 kan mai da famfon burtsatsen unguwa ya koma sola. Babban zama ya aike su su jiyo ne kawai. Ga wani yanki kamar yadda ya fito daga waya:

Shugaba: To injiniya, nawa kake ganin abin zai ci gaba ɗaya?
Injiniya: Wallahi Alhaji in da fanel takwas ne da sabon famfo, a bar shi a miliyan biyu da ɗari huɗu. Amma in tsohon famfon yana da rai, sai in cire kamar ɗari shida.
Ma'aji: Kai, ya yi yawa. Mu abin da ke asusu bai kai haka ba.
Shugaba: To ai sai a fara duba famfon tukuna.
Injiniya: Jibi zan turo yarana su ciro shi in sha Allahu.
Ma'aji: Kuma a rubuto mana kuɗin kaya daban na aiki daban.
Injiniya: Ba matsala, za a yi.
Shugaba: Mu dai muna so a gama kafin azumi.
Mamba: Ni da a ce an nemi wani ma a ji nasa farashin.
Shugaba: Za a duba. To shi ke nan, Allah ya kai mu.

In ka sa haruffan nan za ka ga abin da ya fito. Maganar farashi B ce, tayin injiniya ne, kuma farashi biyu ne ba ɗaya ba, kowanne da sharaɗinsa. "A fara duba famfon" ita kaɗai ce M a duk yankin, domin shugaba ya faɗa, ba wanda ya ja, injiniya ya karɓa, kuma abu ne da yake cikin ikon kwamitin. Ciro famfo A ne, rubuto ƙiyasi A ne. "Kafin azumi" buri ne, ba wanda ya yi alƙawarinsa. Neman farashi na biyu kuma T ce, an ce za a duba amma ba a ce wa zai duba ba. Ga yadda ya shiga minit:

3. Farashi da tsarin biya
Injiniya ya gabatar da ƙiyasin baki na Naira 2,400,000 na fanel 8 da sabon famfo, ko kimanin Naira 1,800,000 idan tsohon famfon yana aiki. Ma'aji ya bayyana cewa kuɗin da ke asusu bai kai adadin farko ba. An kawo shawarar a nemi farashi daga wani injiniyan don kwatantawa, ba a yanke hukunci a kai ba. Kwamiti ya nuna sha'awar a kammala aikin kafin azumi.
Matsaya 3.1: A ciro tsohon famfon a gwada shi kafin a ci gaba da maganar farashi.
Za a kai wa babban zama: ko a nemi farashi na biyu, da kuma adadin da ƙungiya za ta iya kashewa.

Ka lura ban rubuta "ma'aji ya ce kai ya yi yawa" ba. Minit yana ɗaukar ma'anar magana ya bar zafinta. Kuma na rubuta ƙarara cewa ba a yanke hukunci ba, wannan layin yana da daraja daidai da matsaya, shi ne yake hana wani ya zo gobe ya ce ai mun gama wannan maganar.

Matsalar "za a yi"

Hausarmu tana da wata hanya mai daɗi ta yin magana ba tare da an nuna kowa da yatsa ba: a duba, za a yi, a rubuto, an ce. A zaman mutunci wannan ladabi ne, yaro ba zai kalli dattijo ya ce kai za ka yi ba. Amma jerin ayyuka ba ya karɓar wannan "a" ɗin ko kaɗan. Kowane layi sai ya amsa abu uku, wane aiki, wa zai yi, zuwa yaushe. In a kwamfuta kake, ka danna Ctrl+F ka nemo "za a" da "sai a" da "ya kamata" a cikin rubutun, duk inda suka fito ka tsaya ka tambaya wa ake nufi. In hirar ta nuna mutumin, ka sa shi. In ba ta nuna ba, kar ka zaɓa da kanka don kana ganin wane ne ya dace, ka kai wa shugaba ya faɗa, ko ka bar shi a jerin abin da babban zama zai raba. Kuma mutum ɗaya ake sawa a kowane aiki, in ka rubuta "kwamiti" kowa zai zauna yana jiran ɗan'uwansa.

Lokaci ma haka. Jibi, sati na sama, ƙarshen wata, bayan sallah, duk suna da ma'ana ne a ranar da aka faɗe su kawai. A misalin nan jibi ta zama Litinin 12 ga Fabrairu. Ƙiyasin da aka ce "za a yi" ba a sa masa rana ba, sai na kira injiniyan, ya ce Juma'a, na rubuta 16 ga Fabrairu tare da nuna cewa an tabbatar da ranar ta waya bayan zaman. Jerin ya fito kamar haka:

A1. Ciro tsohon famfo a gwada. Injiniya. Litinin 12 ga Fabrairu 2024.
A2. Kawo rubutaccen ƙiyasi, kuɗin kaya daban na aiki daban. Injiniya, ya miƙa wa ma'aji. Juma'a 16 ga Fabrairu 2024.
A3. Gabatar da rahoton kwamiti a babban zama. Shugaban kwamiti. Asabar 24 ga Fabrairu 2024.

"Kafin azumi" bai shiga jerin ba. A shekarar an tashi da azumi ranar 11 ga Maris, amma ranar da muke zaune ba wanda zai iya sa wannan a matsayin wa'adi tun da sai an ga wata, kuma ba wanda ya ɗauki nauyin. Ya zauna a cikin bayani a matsayin abin da ake fata.

Sai lambobi, wallahi ka yi taka-tsantsan da su. A bakin ɗan kasuwar Kano "miliyan biyu da ɗari huɗu" tana nufin 2,400,000, "ɗari shida" a wannan maganar 600,000 ce, amma "dubu ɗari biyu da hamsin" in ka bi kalmomin kawai za ta iya zama 250,000 ko 200,050. Duk adadin kuɗi, da yawan bandir ɗin kwano, da yawan katako, ka koma kan muryar ka sake saurara da kunnenka, ka rubuta da lamba. In ya ce bandir goma sha biyar a wani wuri, ya ce sha takwas a wani, kar ka zaɓi ɗaya kuma kar ka raba tsakiya, ka kira shi ka tambaya.

Abin da ake bari a waje, da abin da ake sawa a sama

Saman takardar gajere ne: sunan ƙungiya da na kwamiti, rana, wuri, lokacin farawa da tashi, mahalarta da muƙamansu, sai baƙo a layinsa daban don a san ba ya cikin masu yanke hukunci, da layi ɗaya na maƙasudin zaman. Addu'ar buɗewa da ta rufewa layi ɗai-ɗai sun ishe su. Ka kuma rubuta cewa an ɗauki muryar zaman da sanin kowa, in har hakan aka yi. In ɗan kwangilar bai san kana ɗauka ba, ka gaya masa yanzu kafin takarda ta fita, kuma kar ka tura muryar a zauren WhatsApp na iyaye, muryar mutum da lambarsa amana ce, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta shafi irin wannan.

Akwai abu ɗaya da kusan kullum yake fitowa a hira da masu aikin hannu, wato sukar wanda ya yi aikin baya. Zai ce wane ne ya cuce ku, ya sa muku kwano mara kauri. Ka ɗauki abin da ya shafi rufin, ka rubuta cewa ya bayyana kwanon da ke kai siriri ne kuma katakon ya ruɓe a aji kaza, ka bar sunan mutumin da kalmar cuta a waje. Minit takarda ce da za a karanta a gaban jama'a a ajiye a fayil shekara da shekaru, zargin da ba a tabbatar ba in ya shiga da sa hannunka, kai ne ka rubuta.

Da ka gama, shafi 19 ɗin nan bai kamata su wuce shafi biyu ba, uku in ya yi yawa. Gwajin da nake yi shi ne in ɗauki kowace matsaya da kowane aiki in nemo layin da ya fito daga ciki a asalin hirar, in rubuta mintinsa a kwafina. Wanda na kasa nemo masa layi, daga kaina ya fito, sai in cire. Sannan in juya, in bi duk M da A da T da na sa a gefe in ga kowanne ya samu wuri. Bayan nan ka rubuta "Daftari" a sama ka tura wa shugaba da ɗayan da kuka je tare, shi kuma ɗan kwangilar ka tura masa sashen farashi da ayyukansa kawai ya tabbatar haka ya faɗa. Ka yi wannan zuwa Alhamis don a samu kwana ɗaya na gyara.

Iyakar abin kuma ita ce, wannan takardar ba yarjejeniyar kwangila ba ce. Ko ya amsa maka a waya cewa e haka ne, ranar da za a ba shi aikin sai an rubuta takarda daban mai ɗauke da kaurin kwano da adadi da tsarin biya, ya sa hannu da shaidu. Haka nan in maganar za ta kai ga cire kuɗi masu yawa daga asusun ƙungiya ko canza masu sa hannu a banki, abin da ake nema shi ne ƙudurin zaman da ya cika ƙa'ida, bayanin ganawar mutum uku ba zai tsaya a madadinsa ba. Shi ya sa a zaman Asabar, bayan ka karanta wannan an gyara an amince, shugaba ya sa hannu kai ma ka sa, sai ka buɗe sabon shafi ka rubuta minit ɗin zaman Asabar ɗin kansa, a nan ne shawarwarin da kuka kawo za su koma matsaya, da sunan wanda ya kawo shawarar da na wanda ya goyi baya.